Yadda Ake Sassauta Harshen Takardar Koke Ba Tare Da An Zubar Da Haƙƙi Ba

An shirya wannan bayani ne domin 'yan kasuwa da masu kantuna da sauran jama'a waɗanda ke sayen kaya daga hannun manyan diloli. Sau da yawa kaya kan iso da lahani ko da giɓi, mai kaya ya ɗauki alƙalami cikin fushi ya rubuta wa dila takarda mai zafi. Idan ya huce ya sake dubawa, sai ya ga harshen ya yi kaushi, ya shiga gogewa. Wajen gogewar nan ne mutane da yawa kan yi asara, domin sukan goge zagin su haɗa da haƙƙinsu.

Abin lura shi ne, kowace takardar koke tana da ƙashi, tana kuma da riga. Ƙashinta abu huɗu ne: abin da ya faru, yawan kuɗin da ake nema, ranar da ake son a biya, da matakin da za a ɗauka idan ranar ta wuce. Rigarta kuwa ita ce gaisuwa da lafazi da yadda aka ambaci mai laifi. Mai son sassauta takarda sai ya sake mata riga yadda ya ga dama, amma kada ya taɓa ƙashin.

Misali Daga Jimeta

Jimeta, wadda ke bakin Kogin Binuwai, ita ce cibiyar ciniki ta babban birnin Jihar Adamawa, kuma yawancin kaya masu nauyi kan iso ta da Yola ne a mota ta hanyar Gombe da Numan. Mu ɗauka wani mai sayar da kayan gini a Jimeta ya sayi tirela guda ta siminti, buhu 600, daga wani dila da suka yi shekaru suna hulɗa. Mu ƙaddara kuɗin buhu ₦10,000 ne, an kuma yi ciniki a kan dila ne zai kawo kayan har ƙofar sito. Mota ta iso ranar 12 ga Agusta, tsakiyar damina. Da 'yan dako suka sauke aka ƙirga, sai aka sami buhu 590. A cikinsu kuma buhu 40 sun sha ruwa sun daskare, saboda tamfol ɗin motar ya yage. Asara ke nan ta buhu 50, wato ₦500,000.

Ga irin abin da fushi kan sa a rubuta: "Kun cuce ni, kun aiko mini da duwatsu da gangan. Direbanku ɓarawo ne. In ba ku biya ni yanzu ba, zan kai ku ga 'yan sanda, in kuma tona asirinku a kasuwa."

Wannan takarda tana da zafi, amma ba ta da ƙarfi. Ba ta faɗi yawan buhunan ba, ba ta faɗi kuɗi ba, kalmar "yanzu" kuwa ba rana ba ce. Har ila yau ta ba dila hanyar zillewa, domin zai bar maganar siminti ya kama maganar zagin da aka yi masa.

Abubuwa Uku Da Za A Cire

Na farko shi ne zargin niyya. Mai kanti ya ga tamfol a yage, ya ga buhuna sun daskare, amma bai ga zuciyar kowa ba. Saboda haka ya faɗi abin da ido ya gani kawai. Maimakon "kun aiko mini da duwatsu da gangan", sai ya rubuta "an sami buhu 40 sun daskare". Diyya ba ta bukatar a tabbatar da mugun nufi. Ya isa a nuna cewa kayan da aka kawo ba su cika yadda aka yi ciniki ba.

Na biyu shi ne kiran mutum ɓarawo ko macuci. Buhu goma da suka yi giɓi mai yiwuwa ne tun wurin lodi aka yi kuskuren ƙirga. Wanda ya rubuta wa mutum sata ba tare da hujja ba, ya kuma nuna wa wasu takardar, yana iya jawo wa kansa ƙarar ɓata suna, mai neman haƙƙi ya koma mai kare kansa.

Na uku shi ne barazanar da ba ta da tushe. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, don haka dilan da ya san doka ba zai razana da wannan ba. Haka kuma Hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, wato FCCPC, wadda aka kafa bisa dokar 2018, an tanade ta ne musamman domin wanda ya sayi kaya don amfanin kansa. Magidancin da ya sayi simintin ginin gidansa a Yola yana iya ambatonta a takardarsa. Mai kantin da ya saya don ya sayar kuwa, hanyarsa ita ce sulhu ta hannun shugabannin kasuwa, ko kuma kotu. Kowa ya ambaci matakin da yake da ikon ɗauka, ya faɗe shi sau ɗaya cikin natsuwa.

Inda Ladabi Kan Zama Asara

Mutanen ƙasar nan, Hausawa da Fulani da maƙwabtansu, mutane ne masu kunya da kara, balle ga wanda ya girme su ko ya taɓa ba su kaya bashi. Wannan hali ne mai kyau, amma akwai kalmomin kara waɗanda ba su dace da takardar neman diyya ba.

Kada a rubuta "in da hali a taimaka mini da wani abu". Wannan lafazi ya mai da haƙƙi ya zama roƙo, ya kuma bar wa dila ya yanka abin da ya ga dama. Kada a rubuta "wataƙila yarana ne ba su sauke da wuri ba" don a faranta masa rai, domin takarda shaida ce, kuma ana iya karanta wannan jimla a gaban alƙali a matsayin amsa laifi. Kada kuma a rufe da "ba komai, Allah ya kiyaye gaba", gama mai karatu zai ɗauka an yafe.

Akwai kuma haɗarin jinkiri. Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda Nijeriya ta gada daga Ingila, jihohi da dama kuma suka yi tasu a kan tsarinta, ta nuna cewa mai saye da ya riƙe kaya har lokaci ya ja bai sanar da mai sayarwa cewa ya ƙi su ba, ana ɗauka ya karɓa. Haka ma idan ya yi da kayan abin da mai shi kaɗai ke yi, kamar sayar da su. Wanda ya karɓa ba ya iya mai da kayan, sai dai ya nemi diyyar lahanin. Don haka a huce na kwana ɗaya ko biyu, kada a huce na wata guda. A ware buhunan da suka lalace gefe guda, a ɗauki hotonsu, a kuma rubuta giɓin da lahanin a kan takardar rakiyar kaya kafin direba ya tashi.

Takardar Bayan An Gyara Ta

Ga yadda mai kantin nan zai rubuta ranar 14 ga Agusta:

"Ranka ya daɗe, Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa motar siminti ta iso sitona a Jimeta ranar 12 ga Agusta. Mun ƙirga a gaban direba muka sami buhu 590 maimakon 600. A cikinsu buhu 40 sun jiƙe sun daskare, tamfol ɗin motar kuma a yage yake. Na rubuta haka a takardar rakiyar kaya, direba ya sa hannu. Ga kwafinta nan tare da rasit da hotuna. Buhunan nan 40 ban karɓe su ba, suna nan a ajiye domin wakilinka ya zo ya duba.

"Mun daɗe muna hulɗa ba mu taɓa samun irin wannan ba, shi ya sa na fara kawo maganar gare ka kai tsaye. Asarar buhu 50 ce, kuɗinsu ₦500,000. Ina neman a biya ni wannan kuɗi, ko a aiko mini da buhu 50 masu kyau, kafin ranar 28 ga Agusta. Na bar maka zaɓin wanda ya fi maka sauƙi. Idan ranar ta wuce ba mu daidaita ba, zan kai maganar gaban shugabannin kasuwa, in ta ƙi kuma in miƙa ta ga lauya, ko da yake ina kyautata zaton ba za mu kai can ba. Allah ya bar zumunci. Naka mai biyayya."

A lura da wurin da sassaucin ya shiga. An gai da Alhaji da girmamawa, an tuna masa da tsohuwar hulɗa, an buɗe masa ƙofa ya aiko a duba, an kuma ba shi zaɓi tsakanin kuɗi da kaya. Zaɓin nan shi ne mafi amfani, domin dila ya fi samun sauƙin ɗora buhu 50 a kan lodi na gaba da ya fitar da tsabar kuɗi, kuma yana iya yin haka ba tare da ya ji an ƙasƙanta shi ba. Sai dai zaɓin a kan hanyar biya yake, yawan abin da za a biya yana nan daram. A lura kuma an ce "ina neman", ba a ce "ina roƙon" ba.

Yadda Za A Gwada Takarda Kafin A Aika

Idan an gama gyara, a ba wani wanda bai san maganar ba ya karanta, sannan a yi masa tambaya huɗu. Me ya faru? Nawa ake nema? Yaushe ake son a biya? Me zai biyo baya in ba a biya ba? Idan ya kasa amsa ko da guda ɗaya, to sassaucin ya wuce gona da iri, sai a koma a mai da abin da aka goge. Bayan haka a tambaye shi ko akwai jimlar da zai ji kunyar karantawa a gaban Alhaji da kansa. In akwai, ita ce ragowar fushin, a cire ta.

Daga ƙarshe, a sa hannu da kwanan wata, a ajiye kwafi, a kuma aika ta hanyar da za ta bar shaida, ko dai wasiƙa mai rajista a gidan waya, ko ɗan aike da zai sa a sa masa hannu a kan kwafin. Wanda ya aika ta wayar hannu, ya adana saƙon da amsar da aka ba shi. Idan dila ya kira aka daidaita da baki, a bi shi da gajeren rubutu mai tabbatar da abin da aka amince da ranar cikawa. Idan kuwa ranar da aka sa ta zo ba a ji komai ba, a ɗauki matakin da aka ambata, domin wa'adin da aka bari ya wuce shiru yakan rage wa takarda ta biyu daraja.