Wutar da Ke Zurarewa a Hanya

Wani maƙwabcinmu ya haƙa rijiyar burtsatse a lambunsa, ya ja waya daga gida har can, tafiyar mita 200. Aka jona injin samo, aka kunna, sai injin ya yi ta gunji kamar tsohon rago, ruwan da yake turowa bai fi na bakin buta ba. Kafin wata biyu koyil ya ƙone. Alhaji ya ɗora wa mai shagon da ya sayar masa da injin laifi, ya tsine wa masu ba da wuta. Babu wanda ya kalli wayar.

Da mai gyaran wuta ya zo, sai ya ɗora na'urar awonsa a bakin wayar can lambu, babu komai a jone, ta nuna bolt 230, daidai da na gida. Alhaji ya ce, "Ka gani ko, Malam? Wuta a cike take." Mai gyara ya ce, "Alhaji, a ɗan yi haƙuri a kunna sabon injin tukuna." Ana kunnawa allura ta fāɗi zuwa 202.

Ina sauran bolt 28 suka shiga? Waya ce ta cinye su. Kowace waya tana yi wa wuta turjiya, kuma ana auna wannan turjiya da ma'aunin om, sunan Bajamushen da ya bayyana ƙa'idar a 1827. Ƙa'idar ba ta da wuya: ƙarfin da ke zubewa a cikin waya shi ne yawan wutar da ake ja, wato amfiya, sau turjiyar wayar. Masu sana'ar suna rubuta ta V = I × R. Idan ba a jan komai, babu abin da zai zube. Shi ya sa awon farko ya yaudari Alhaji.

Sai wurin da har masu aikin wuta kan yi tuntuɓe. Wuta ba ta tafiya ta zauna, dole ta je ta dawo. Silin waya ɗaya ne ke kai ta, ɗayan ya komo da ita. Saboda haka nisan mita 200 yana nufin mita 400 na ƙarfe. Wayar Alhaji ta jan ƙarfe ce mai lamba 2.5, irin wadda ake sa wa soket a ɗaki, kuma kowace mita 100 ta irinta tana da turjiyar kusan om 0.7. Mita 400 ke nan om 2.8. Injin yana jan amfiya 10, sai a ce 10 sau 2.8, ga bolt 28 ɗin nan. Rabi ya zube a zuwa, rabi a dawowa. Kuma ba ɓacewa ya yi ba, zafi ya zama: wat 280 na ɗumama ƙasar lambu a banza, mitar gida kuwa tana ƙirga shi.

Ƙa'idar da masu haɗa wuta ke bi ita ce kada asarar ta wuce kashi 5 cikin ɗari a irin wannan aiki, wato bolt 11 da rabi. Ta Alhaji ta haura kashi 12.

Da abin dafa ruwa ne a ƙarshen wayar, da sai dai ya yi jinkirin tafasa. Inji mai juyawa halinsa daban. Idan ƙarfin wuta ya ragu alhali nauyin aikin yana nan, sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin, ƙarin jan kuma ya ƙara zubar da ƙarfi a waya, koyil ya yi ta ɗaukar zafi. Lokacin tashi ya fi muni, don a daƙiƙun farko inji kan ja ninki da yawa na abin da ya saba. Ko ninki uku kawai ya ja, amfiya 30, waya za ta cinye bolt 84, a bar masa 146. Gunjin nan da ake ji, injin ne ke fama ya tashi. Balle ranar da wutar ta iso gidan da rauni tun asali.

Maganin shi ne kauri, domin in aka ninka kaurin ƙarfen, turjiya ta ragu da rabi. Mai lamba 6 za ta zubar da kusan bolt 12, tana kan iyaka. Mai lamba 10 kuwa bolt 7 kacal, injin ya samu 223. Da Alhaji ya ji kuɗinta sai da ya cire hula ya sosa kai, amma kuɗin koyil ɗin da ya ƙone yana nan a ransa, ya saya.

Kafin a biya, mai gyaran ya zaro wuƙa ya kankare bakin wayar a gaban mai shago. Akwai wayoyi a kasuwa da alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe, turjiyarsu ta fi ta ainihi da fiye da rabi, wasu kuma kaurinsu bai kai lambar da aka buga a jikinsu ba. In ciki ya yi fari, a ajiye ta. Wannan dai ja ta fito har ciki.