Me ya sa ciyayi gauraye suka fi yabanya?

A Cedar Creek da ke jihar Minnesota ta Amurka, masana sun shuka ciyayi a ƙananan filaye tun 1994, wasu iri ɗaya tak, wasu har iri 16. A Jena ta Jamus ma an fara irin wannan gwaji a 2002. Galibi filin da aka gauraya shi ya fi yabanya. Sai gardama ta tashi: cike giɓin juna ciyayin suke yi, kamar gero da wake a gona ɗaya, ko kuwa yawan iri ne yake sa a dace da wani gwarzo guda da zai mamaye filin?

A 2001 Michel Loreau da Andy Hector suka fitar da lissafin da ke raba rarar gida biyu: rabon cike giɓi da rabon rinjaye. Sharaɗinsa shi ne a shuka kowane iri shi kaɗai, sannan a gaurayen a tsince kowanne a busar a auna daban.

A ce doguwar ciyawa ita kaɗai ta ba da giram 600 a murabba'in mita, wani tsiro dangin wake kuma 200. In an haɗa su rabi da rabi, ana sa ran 300 da 100, wato 400. Sai aka samu 420 da 120, jimilla 540, rarar 140 ke nan. Ciyawar ta kawo kashi 70 cikin ɗari na abin da take bayarwa ita kaɗai, maimakon 50, ɗan waken kuma kashi 60. Ƙarin 20 da 10 ya zama kashi 30. Kashi 30 na matsakaicin amfaninsu, wato 400, shi ne giram 120, rabon cike giɓi. Ragowar 20 na rinjaye ne, domin wadda dama ta fi ƙarfi ita ta fi cin moriyar haɗin.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Duk da wannan rara, 540 bai kai 600 ba, don haka gaurayen bai doke ciyawar da aka shuka zalla ba. Sannan 120 ɗin bai faɗi dalili ba. Wataƙila saiwoyi ne suka raba zurfin ƙasa, ko ɗan waken ya ƙara sinadarin naitirojin, ko kuma cututtukan ƙasa ne suka taru a filin iri ɗaya suka rage masa amfani, ma'aunin kwatancen ya sauka. Shi ya sa irin da ya lalace shi kaɗai yakan kumbura lissafin, kuma dole a koma a duba shi.

Shekarun gwaji ma abin tambaya ne, domin a gwaje-gwaje masu daɗewa rabon cike giɓi yakan ƙaru sannu a hankali. Mai son gano dalilin rarar kuwa, sai ya tona saiwoyi, ya gwada ƙasar kanta.