Gatse, juyin reshe da rashin sani: iri uku na abin da Turawa ke kira ayironi

Duk wanda ɗansa ke karanta adabin Turanci a sakandare, a Legas ko Badun ko Fatakwal, zai ci karo da kalmar ayironi, domin masu jarrabawar WAEC da NECO suna son tambaya a kanta. Malamai kan ce iri uku ce, yaro ya haddace sunayen, amma in ka ce ya ba ka misali sai ya yi zuru. Alhali a gidansu kullum ana yi masa ɗaya daga ciki tun kafin ya karya kumallo.

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara ukun. Abin da ya haɗa su shi ne tazara tsakanin abin da ke fili da abin da ke ƙasa. Inda tazarar take shi ke raba su: ko tana cikin magana, ko cikin yadda al'amari ya kaya, ko kuma tsakanin sanin mai karatu da sanin mutumin da ke cikin labari.

Na farko shi ne wanda muka sani da gatse, wato ka faɗi abu kana nufin kishiyarsa, kuma kana son mai jinka ya gane kishiyar kake nufi. A ce yaron shago ya iso kasuwar Mil 12 ƙarfe goma sha ɗaya, an riga an sauke motar tumatir an gama rabo, sai maigidansa ya dube shi ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ai da ka ƙara barci kaɗan." Babu wanda zai ce maigida ya yi ƙarya, ko da yake yaron bai je Makka ba, kuma ba a so ya koma ya kwanta. Maƙaryaci so yake a yarda da maganarsa. Mai gatse kuwa, in aka yarda da zahirin maganarsa, gatsen ya lalace. Wannan shi ne bambancin da nake so a riƙe.

Haka uwa za ta ga yarinya ta fasa faranti ta ce, "Kin kyauta. Ga sauran can, je ki ƙarasa." Me ke sa yarinyar ta gane? Muryar da aka ja, da kallon da aka yi mata, da kuma cewa maganar ba ta dace da halin da ake ciki ba ko kaɗan. In aka cire biyun farko, na ukun kaɗai ya rage, kuma sau da yawa ba ya isa. Shi ya sa gatse a saƙon WhatsApp ke haddasa rigima. Ka rubuta wa ɗan'uwanka "na gode ƙwarai da ka zo sunan" alhali bai zo ba, yana iya ɗauka ka rikice ne, ko ka aika wa wani ya faɗo masa. Haka nan in aka ɗauke gatse daga Hausa aka juya shi zuwa Turancin buroka ga abokin ciniki wanda ba Bahaushe ba, kalmomin za su tsallaka, muryar ta tsaya a baya. Ka ce wa direban da ya yi kwana uku a hanyar kwana ɗaya "lallai ka yi sauri", yana iya cewa ya gode. Yaranmu da suka tashi a Kudu, waɗanda Hausarsu ta tsaya a ta aike da gaisuwa, su ma wani lokacin sukan ɗauki gatsen kakarsu a matsayin izini, sai a ce ba su da kunya, alhali ba su ji abin da ke ƙasan maganar ba ne.

A nan mutane kan cakuɗa gatse da habaici. Habaici yana ɓoye wanda ake nufi ne: mace ta ce "wasu dai ba sa mayar da kwanon aro", kowa ya san da wa take, amma maganar a miƙe take. Gatse kuwa ma'anar yake kifewa, kuma galibi a gaban mai shi ake yi. Sannan ba kowane gatse ne na cin fuska ba. Kaka ta ɗauki jikanta kyakkyawa ta ce "wannan mummunan mijin nawa", ta faɗi kishiyar abin da ke ranta, amma da ƙauna.

Na biyu ba ya buƙatar kowa ya buɗe baki. Al'amari ne ke juyewa ya haifi kishiyar abin da aka nufa da shi, abin da muke cewa reshe ya juye da mujiya. Karin maganarmu cike take da shi: gobara daga kogi, ko garin neman gira a rasa ido. Amma a kula, domin nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Ba kowane tsautsayi ko arashi ne ya shiga wannan aji ba. In ɓarawo ya sace wa mutum babur, asara ce kawai. In kuwa mai sayar da kwaɗo da sarƙar ɗaure babura ne aka sace nasa saboda bai kulle ba, to an samu juyin, domin sana'arsa ce ta sa muka yi zaton shi ne na ƙarshe da abin zai sama.

Labarin da na fi so a kan wannan shi ne na sarƙar wuya, wanda marubucin Faransa Guy de Maupassant ya fitar a 1884. Wata mata ce, Mathilde Loisel, kyakkyawa, tana auren ƙaramin akawu a ma'aikatar ilimi a birnin Faris, kullum tana jin cewa rayuwar masu kuɗi ce ta dace da ita. Aka gayyace su liyafar minista. Mijin ya ba ta faran 400 da yake tarawa don sayen bindigar farauta, ta yi riga. Sai ta ce ba ta da abin wuya, ta je wajen ƙawarta mai hali, Madam Forestier, ta aro sarƙar lu'ulu'u. Ta haska a wajen liyafa, aka dawo gida da asuba, sarƙa ta ce ɗauke ni inda kika ajiye.

Maimakon su faɗa wa mai ita, sai suka nemi irinta a kanti. An sa mata 40,000, aka bar musu a 36,000. Mijin yana da 18,000 na gadon mahaifinsa, sauran duk bashi ne, har da na masu ba da kuɗi da ruwa. Suka sallami 'yar aiki, suka koma ɗaki mai araha, ita tana wanki da ɗibar ruwa, shi yana aikin kwafe takardu da dare. Shekara 10 suka yi kafin su biya. Ta tsufa, hannuwa sun yi kaushi. Ran nan ta haɗu da ƙawar a hanya, ta ba ta labari har da ɗan alfahari, sai ƙawar ta shaida mata cewa sarƙar da ta ara mata jabu ce, kuɗinta bai wuce faran 500 ba.

Duba inda juyin yake. Ɓatan sarƙa tsautsayi ne, ba shi ne ba. Juyin shi ne cewa macen da ta ari abin wuya don kada a ga talaucinta dare ɗaya, wannan aron ne ya jefa ta cikin talauci na gaske shekara 10. Kuma rufin asirin da suka yi don kare mutunci shi ne ya hana su jin maganar da za ta cece su a rana ɗaya. Duk wadda ta taɓa aron gwal don zuwa biki ta san faɗuwar gaban da ke cikin labarin nan, ba sai an yi mata bayani ba.

Na uku ya fi zama a labari da wasan kwaikwayo da fim. Mai karatu ko mai kallo ya san wani abu da mutumin cikin labarin bai sani ba, saboda haka duk abin da mutumin ya faɗa yana da ma'ana biyu, tasa da tamu. Kaza ce ta kwana da yunwa a kan dami, mu kuma muna tsaye muna kallonta. Wanda ya karanta wasan Ola Rotimi na Sarki Odewale ya san yadda sarkin ya yi rantsuwar hukunta wanda ya kashe tsohon sarki, alhali masu kallo sun riga sun gane shi ne da kansa.

A gajeren labari, misali mai kyau shi ne na Ba'amurkiya Kate Chopin, na 1894, wanda duk abin da ya faru a cikinsa bai wuce sa'a guda ba. An kawo wa wata mata mai ciwon zuciya, Louise Mallard, labarin cewa mijinta ya rasu a hatsarin jirgin ƙasa. Ta yi kuka, ta shiga ɗaki ta kulle. A can marubuciyar ta shigar da mu cikin ranta, muka ga baƙin cikin yana rikiɗewa zuwa wani sauƙi, tana hango shekarun da za ta yi tana mallakar kanta. 'Yar'uwarta tana bakin ƙofa tana roƙon ta buɗe, a zatonta baƙin ciki zai kashe ta. Da ta fito suna saukowa daga bene, sai ga miji ya buɗe ƙofa ya shigo, ashe ko kusa da wurin hatsarin bai je ba. Nan take ta faɗi ta mutu, likitoci suka ce murna ce ta yi mata yawa. Mu kaɗai muka san ba haka ba ne, domin mu kaɗai muka shiga ɗakin da ita. Ko mutum ya yarda da tunanin matar ko bai yarda ba, wannan wata magana ce daban. Dawowar mijin juyin reshe ne, amma hukuncin likitocin iri na uku ne tsantsa.

Ka ga ke nan labari ɗaya yana iya ɗaukar iri biyu, kuma abin da ke raba su shi ne lokacin da marubuci ya sanar da mu. Mu koma ga sarƙa. Maupassant ya ɓoye mana cewa jabu ce har layin ƙarshe, muka sha mamaki tare da Mathilde. Da a ce tun a shafin farko ya nuna mana ƙawar tana sayen sarƙar da araha, babu abin da zai canza a rayuwar Mathilde, amma karatunmu zai canza gaba ɗaya. Za mu ga miji yana sa hannu a takardun bashi muna cewa a ranmu, kai bawan Allah, je ka tambaye ta mana. Mamakin ƙarshe zai tafi, zullumi ya maye gurbinsa tun daga tsakiya. Marubucin ma ya ɗan bar alama ga mai lura: da suka kai akwatin sarƙar wajen mai kantin da sunansa ke jiki, ya duba littafinsa ya ce akwatin kawai ya sayar, ban da sarƙar. A karatu na biyu wannan wurin tsayar da mutum yake yi.