Saƙon da Lauya ke Turowa Kafin a Haɗu

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kano da ya sayi fuloti a bayan gari shekara shida da suka wuce. Ya tara bulo, ya kai yashi, sai ranar da magina suka je haƙa harsashi suka tarar wani ya riga su kafa alama, yana cewa filin gadonsu ne. Abokinsa ya ba shi lambar wani ofishin lauyoyi, ya kira, suka tsayar da rana. Kafin la'asar saƙo ya shigo wayarsa: an tabbatar masa da ganawa ranar Laraba ƙarfe uku na rana, na tsawon awa ɗaya. Ya zo da katin shaida da duk takardun filin, ya kuma turo cikakken sunan wanda suke rigimar da shi. Kuɗin ganawa naira 30,000 ne, a biya kafin a zo. In zai fasa ko zai ɗage, ya sanar awa 24 kafin lokacin, in ba haka ba kuɗin ba ya dawowa.

Yawancin mutane ranar da lokacin kawai suke dubawa, su mayar da waya aljihu. Sauran layukan kuwa su ne sharuɗɗan, kuma wanda ya tura kuɗi bayan ya karanta su, a zahiri ya amince da su.

Batun sunan abokin rigima shi ya fi ɗaure wa mutane kai, har wasu su yi zargin za a kai musu tsegumi. Dalilin a fili yake. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya, waɗanda aka sabunta a 2023, sun hana lauya tsayawa wa ɓangarori biyu masu karo da juna a magana ɗaya. Ofishin zai duba fayilolinsa, in ya ga mai da'awar gadon abokin hulɗarsa ne, sai ya ba ɗan kasuwar haƙuri tun kafin ya buɗe baki ya zayyana sirrinsa. Sirrin da aka faɗa wa lauya a bakin aiki kuma yana da kariya a sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011, sai dai in an faɗa ne don a shirya aikata laifi.

Takardu su ne inda ganawa take kyau ko ta lalace. Ɗan kasuwar nan yana da takardar ciniki guda, rubutun hannu, da sa hannun dillali da mai unguwa da shaidu biyu. A wurinsa magana ta ƙare. Lauya kuwa abin da zai fara tambaya shi ne daga ina wanda ya sayar masa ya samu filin. In saya ya yi, ina takardar cinikinsa? In gado ne, ina takardar rabon gado daga kotu? Akwai takardar shaidar mallaka daga gwamnati? In akwai, an nemi amincewar gwamna kafin a sauya hannu, kamar yadda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta tanada? Kowace tambaya da ba ta da takarda a gabanta, minti ne ke tafiya daga awar da aka biya. Shi ya sa saƙon yake cewa "duk takardun", har da waɗanda mai su yake ganin ba su da amfani: rasit ɗin awon fili, shaidar tura kuɗi ta banki, da hirar WhatsApp da dillali. Kada a goge hirar, kada kuma a sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayani kan na'urar da irin wannan hujja ta fito daga cikinta.

A zo da asali da kuma kwafi. Lauya zai duba asalin, ya riƙe kwafin. In dole ya riƙe asali, a karɓi takardar da ta lissafa abin da aka bari, da kwanan wata da sa hannu.

Akwai kuma takardar da mutane kan ɓoye don kunya ko tsoro, wato wadda ba ta goyon bayansu. Wataƙila ɗan kasuwar yana da wasiƙar gargaɗi da magada suka aiko masa shekara biyu baya, ya jefa ta a durowa. Gara lauyansa ya gan ta ranar Laraba da ya fara jin labarinta daga bakin lauyan abokin gaba a gaban alƙali.

Kuɗi kuwa, nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Naira 30,000 ɗin nan kuɗin zama ne da sauraro da ba da shawara. Ba ta sa lauyan ya zama ya karɓi shari'ar ba, ba ta biya kuɗin shigar da ƙara ba, balle bincike a ma'aikatar filaye. Yana iya yiwuwa shawarar da za a saya da ita ta kasance "kada ka kai ƙara, je ka nemi kuɗinka a hannun wanda ya sayar maka", kuma kuɗin ya halatta, don mai yiwuwa ta tsirar da miliyoyi. Tun daga 2023 akwai umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, har da na ganawa, wanda ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya sa wa hannu. An kasa jihohi gida uku, Legas da Abuja ne a sama, kuma kuɗin yana hawa da shekarun lauya a aiki, har zuwa masu muƙamin Babban Lauyan Najeriya. Saboda haka wanda ya saba taya kaya a Kantin Kwari zai ga ciniki a nan yana da ƙasan da ba a saukowa. Abin da ya dace ya tambaya kafin ya biya shi ne ko kuɗin ya haɗa da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan hidimomi, da kuma ko za a cire shi daga babban kuɗin aiki in aka ƙulla. Wasu ofisoshi suna cirewa, wasu ba sa yi. Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976, mai ofisoshi a jihohi.

Kafin a tura ko kwabo, a duba sunan da ya fito a asusun. In ya saɓa da sunan ofishin ko na lauyan, a kira lambar da aka san ta tun farko, ba wadda ta zo a cikin saƙon ba.

Sharaɗin awa 24 tsari ne na ofis, kowane da nasa, wani ma awa 48 yake so. Hujjarsu ita ce an hana wani wannan awar saboda kai. Amma saƙonni da yawa suna yin shiru kan ɗaya gefen: in lauyan ne ya fasa fa? Hakan na faruwa, don kotu takan fara zama ƙarfe tara na safe amma ba ta da lokacin tashi, abin da ya sa ake yawan sa ganawa da rana. Ya kamata a tambaya a rubuce ko za a sake rana kyauta ko a mayar da kuɗi. Shi ma mai fasawa ya yi a rubuce, don saƙo yana ɗauke da lokacin da aka tura shi.

Ɗage ganawa ba ya ɗage ranar kotu. In har magadan sun riga sun kai ƙara kuma an kawo wa ɗan kasuwar sammaci, kwanakin da aka ba shi ya amsa suna ci gaba da ƙirguwa ko ya ga lauya ko bai gani ba. Haka wa'adin ɗaukaka ƙara daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara: wata uku ne a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 kacal a hukuncin tsakiyar shari'a. Don haka in akwai sammaci a aljihun ɗan kasuwar, ya ɗauki hotonsa ya tura ofishin a ranar da saƙon ya shigo, domin sakatariya ta duba ko Laraba ba ta yi nisa ba.