"Ya" Ɗaya, Lokuta Huɗu: Wasiƙar Malam ga Ɗalibarsa

A takardar Hausa ta jarrabawar WAEC da NECO akwai wata irin tambaya da ke kayar da yaran da aka haifa cikin Hausa, suka tashi cikinta. Za a kawo gajeriyar jimla, a ja layi ƙarƙashin wata kalma, a ce a faɗi lokacin da jimlar take ciki. Yarinyar da bakinta bai taɓa sa "sun" a gurbin "suka" ba, sai ka ga ta zaɓi amsar da ba ita ba. Iyaye kan ce sakaci ne. Sau da yawa kuwa ba shi ba ne.

Wani malamin Hausa a wata makarantar sakandare ya nuna mini wasiƙar da ya rubuta wa ɗalibarsa ta ajin ƙarshe, bayan ya ga kusan duk makin da take rasawa a nahawu a kan lokuta ne. Ya yarda in kawo ta a nan ba tare da sunan kowa ba. Abin da ya burge ni shi ne bai ce mata ta ƙara ƙwazo ba. Takardunta ya baje, ya bi jan biron da ya yi mata, har ya gano inda ƙafarta ke zamewa.

Ga yadda ya fara:

"'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na duba takardunki na wannan zango, na ga ba Hausa ce ba ki iya ba. Rubutu ne yake ɓoye miki abin da kunnenki ya riga ya sani. A Hausa, ba jikin aikatau ne babban mai nuna lokaci ba. Ƴar kalmar nan da ke zuwa gabansa ce, wato zagin aikatau tare da lamirin lokacin da ke manne da shi. Dubi 'dawo'. A 'sun dawo', 'suka dawo', 'za su dawo' da 'sukan dawo' ba ta sauya ko harafi ɗaya ba, amma lokuta huɗu ke nan. Saboda haka idan tambaya ta zo, ɗauke idonki daga aikatau, ki dubi abin da ke gabansa."

Ga mai karatun da ya daɗe da barin aji: littattafan makaranta, waɗanda da yawansu suka ɗora a kan nahawun da Farfesa M.K.M. Galadanci ya wallafa a 1976, kan kasa lokutan Hausa kamar haka. Akwai shuɗaɗɗe na ɗaya, irin "sun", da na biyu, irin "suka". Akwai mai ci na ɗaya, "suna", da na biyu, "suke". Akwai na gaba na ɗaya, "za su", da na biyu, "sa". Sai na sabo, "sukan", da kuma wanda ake umarni ko fata da shi, "su". Sunayen kan ɗan bambanta daga littafi zuwa littafi, don haka ɗalibi ya riƙe na littafin da ake koya masa.

A jam'i, kowane lokaci da kamanninsa. A tilo ne rikicin yake, nan ne kuma wasiƙar ta fi daɗewa.

"Karanta waɗannan jimloli huɗu da ƙarfi, ki saurari kanki. Ta farko: Yaron ya dawo. Ta biyu: Yaron ne ya dawo. Ta uku: Ina so yaron ya dawo. Ta huɗu: Ƙyale yaron, ya dawo in yunwa ta kama shi. A takarda 'ya' ɗaya ce. A bakinki huɗu ce. Ta farko kin ja ta, murya a sama. Ta biyu kin gutsure ta, murya a sama. Ta uku gajeriya ce, murya a ƙasa. Ta huɗu kin ja ta, murya ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa duka huɗun suka fito da fuska ɗaya. Ke kuma duk inda kika ga 'ya' ko 'ta' sai ki rubuta shuɗaɗɗe na ɗaya. A jimlolin nan huɗu, ɗaya kawai za ki ci.

"Ga maganinsa. Mayar da mai aikin jam'i, ki bar bakinki ya zaɓa. Yaran sun dawo. Yaran ne suka dawo. Ina so yaran su dawo. Ƙyale yaran, sa dawo in yunwa ta kama su. Kin ga abin da ya ɓuya ya fito fili: 'sun' shuɗaɗɗe na ɗaya, 'suka' shuɗaɗɗe na biyu, 'su' umarni, 'sa' na gaba na biyu. Ba sai kin haddace komai ba, domin bakinki ba zai yarda ki ce 'yaran ne sun dawo' ba. In kin fi so, sa kanki a gurbin yaron: kin dawo, ke ce kika dawo, ina so ki dawo, kya dawo."

A ganina wannan ce zuciyar wasiƙar, kuma ita ce dabarar da ya kamata a koya tun ƙaramar sakandare. Ba ta ɗora wa yaro sabon kaya, da Hausar da ke bakinsa take aiki. Yaron Sakkwato ma ya ɗan fi samun sauƙi a nan, tunda a harshen gida yana cewa "shi yad dawo" da "sunka dawo", bambancin yana fita ƙarara. Nasa aikin shi ne ya tuna cewa a takardar jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake nema, "suka" zai rubuta.

Malam bai ɓoye mata iyakar dabarar ba. Jimla irin "Jiya ya dawo" tana karɓar "jiya sun dawo", tana kuma karɓar "jiya suka dawo", gwargwadon ko labari ake bayarwa ko kuwa ranar ake jaddadawa. A irin wannan, ya ce, ta dubi abin da ke kewaye da jimlar. Ya kuma ba ta alamomin da ke jawo na biyu, ko shuɗaɗɗe ko mai ci: kalmar tambaya kamar "wa", "me" da "yaushe", "wanda" da "da" mai bayanin suna, kamar a "yaran da suka dawo", da abin da aka ciro zuwa farkon jimla don jaddadawa, kamar "goro suke saye". Haka nan jerin labari, inda ake cewa suka tashi, suka kama hanya, suka isa.

Kuskurenta na biyu ya fi na farko wayo, domin yana kama da hankali.

"Na lura kina farautar 'jiya' da 'gobe'. Da kin ga 'gobe' sai ki zaɓi lokaci na gaba, ko karanta sauran ba ki yi ba. To dubi wannan, wadda kika faɗi a gwajin da ya wuce: Gobe war haka mun isa Kano. Kin rubuta na gaba. Gwada ta da kanki: 'mun' ƴar'uwar 'sun' ce, shuɗaɗɗe na ɗaya. Mai maganar ya tsaya ne a gobe, ya waiwayo, ya ga tafiyar ta kammala. Haka 'Jiya da dare ina karatu aka ɗauke wuta'. Jiya ta wuce, amma 'ina' mai ci ne, domin a daidai wannan lokacin karatun bai ƙare ba. Haka kuma 'Bara za mu tafi Zariya sai aka fasa'. Bara ta shuɗe, 'za mu' kuwa na gaba ne. Abin da waɗannan ƙananan kalmomi suka fi gaya miki shi ne halin da aikin yake ciki: ya kammala, yana gudana, ko ba a fara ba. Ranar da ake magana a kai kuma wata kalma ce dabam take faɗa."

Duk wanda ya taɓa miƙewa a majalisa ya ce "To, ni na tafi" alhali takalminsa ma bai sa ba, ya san gaskiyar wannan. Haka "na gaji" da "na sani": yanzu ake nufi, amma sifar ta shuɗaɗɗe ce, kuma sifa mai tambaya yake so a faɗa masa.

Ɓangaren ƙarshe na wasiƙar a kan tambayoyin da ake cewa a juya jimla ne, ko zuwa korewa ko zuwa wani lokaci. Nan ya taƙaita. Ya nuna mata "sun tafi" kan koma "ba su tafi ba", da "ba" biyu, amma "suna tafiya" kan koma "ba sa tafiya", da "ba" ɗaya mai tsawo. Umarni kuwa ba ya karɓar "ba" sam, "kada su tafi" ake cewa. Ya ja kunnenta cewa idan aka koma lokaci mai ci, aikatau da kansa kan motsa: "ya sayi goro" ya zama "yana sayen goro", "ya karanta" ya zama "yana karantawa", amma da zarar karɓau ya biyo baya sai "wa" ɗin ta faɗi, a ce "yana karanta littafi". Har rabin makin da take zubarwa a ƙa'idar rubutu ya taɓo: "zai" da "zan" a haɗe, "za su" da "za mu" a rabe, "sukan" da "suke" a haɗe.

Aikin da ya ba ta ba shi da yawa, kuma na fi son sa a kan a ce yaro ya haddace jadawali.

"Kullum bayan la'asar, ɗauki sakin layi ɗaya daga jaridar Hausa ko littafin adabin da muke karantawa. Ja layi ƙarƙashin kowace 'ya' da 'ta' da ke gaban aikatau, ki rubuta jam'inta a sama da fensir, sannan sunan lokacin a gefe. Wadda ta karɓi amsa biyu, kewaye ta, kada ki yi cinke. Ranar Litinin ki kawo mini littafin a ofishin malamai lokacin tara, waɗanda kika kewaye za mu fara dubawa. Ki gaida mutanen gida. Malaminki."