Ranar da rumbun bayanai ya ƙi buɗe fayil ɗaya kacal

A ɗauka wata makaranta ta buɗe rajistar ɗalibai ta intanet. Da asuba komai lafiya lau. Hantsi na yi, ɗalibai suka yi ca a kan shafin, sai ya tsaya cik. Mai kula da sabar ya leƙa: wuta na nan, faifan ajiya bai cika ba, ƙwaƙwalwar na'ura ma da sauranta. Amma a littafin da manhajar MySQL ke rubuta kokenta, layi guda ne ke ta maimaita kansa:

```
errno: 24 - Too many open files
```

Ma'anarsa fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Na'urar ba ta gaji ba. Wata iyaka ce da aka gindaya wa manhajar ta taka.

A tsarin Linux, duk abin da manhaja ta buɗe sai an ba ta wata 'yar lamba da za ta riƙe shi da ita, kamar katin da ake ba mara lafiya a asibiti. Katunan da aka ware wa kowace manhaja ƙidayayyu ne, idan sun ƙare ba mai shiga sai wani ya fita ya mayar da nasa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ba fayil na zahiri kaɗai ke cin kati ba. Kowane haɗi da ya shigo ta hanyar sadarwa kati ɗaya ne. Kowane tebur na bayanai da aka buɗe yana cin nasa, tsohon nau'in MyISAM ma har biyu yake ci a buɗewar farko, ɗaya na bayanai, ɗaya na fihirisa. Ga kuma fayilolin wucin gadi da ake ƙirƙira lokacin jera sakamako mai yawa. Tun da MySQL manhaja ce guda da ke yi wa kowa hidima, duk waɗannan daga aljihu ɗaya suke fita. Shi ya sa matsalar ba ta bayyana sai ranar cunkoso.

Iyakar iri biyu ce. Akwai mai sassauci, wadda ita ke aiki a yanzu, kuma manhaja na iya ɗaga ta da kanta. Akwai mai tsauri, wadda ita ce rufin da mai sassaucin ba ta wucewa, kuma sai mai cikakken iko a kan na'urar ne ke ɗaga ta. A yawancin rabe-raben Linux mai sassaucin 1024 ce, lambar da aka gada tun da daɗewa, aka kuma bar ta don kada wasu tsofaffin manhajoji su rikice.

MySQL tana yin lissafin bukatarta tun lokacin tashi. Ɗaya daga cikin ma'aunanta shi ne: 10, a tara da yawan haɗin da aka yarda, a tara da ninki biyu na teburan da za ta riƙe a buɗe. Idan makarantar nan ta sa `max_connections` ya zama 1000, `table_open_cache` kuma 4000, bukatar ta kama 9010 ke nan. To idan aka ba ta ƙasa da haka fa? Ba za ta ƙi tashi ba. Sai ta rage wa kanta buri, ta rubuta gargaɗi mai farawa da `Changed limits`, ta ci gaba. Da iyakar 1024, haɗin zai sauko zuwa 214, domin takan cire 10, ta cire 800 na tebura 400 da ba ta yarda a yi ƙasa da su ba. Duk wanda ya rubuta 1000 ya tarar da 214 ba ya bukatar dogon bincike. Ragin ma ba ya hana ɓacin rana, saboda lissafin kintace ne, fayilolin wucin gadi da teburan da aka rarraba gida-gida na iya cinye ɗan abin da ya rage.

A nan ne mafi yawan masu gyara ke ɓata yini guda. Mutum zai buɗe `/etc/security/limits.conf` ya rubuta babbar lamba, ya fita ya sake shiga, ya buga `ulimit -n`, ya ga 65535, ya ce alhamdu lillahi. Washegari kukan ya dawo. Dalili kuwa, wancan fayil yana aiki ne a kan mutumin da ya shiga na'ura da sunansa. Rumbun bayanai ba mutum ne ke tayar da shi ba, `systemd` ne, shi kuwa ba ya ko kallon wancan fayil. Lambar da `ulimit` ya nuna ta mai gyaran ce, ba ta rumbun ba. A ganina wannan ruɗani ya fi matsalar kanta ɓarna, domin yana sa mutum ya kwanta da tabbacin ya gama aiki.

Sai a tambayi manhajar da ke gudana kai tsaye:

```
grep "open files" /proc/$(pidof mysqld)/limits
sudo ls /proc/$(pidof mysqld)/fd | wc -l
```

Layin farko yana nuna iyakokin biyu na gaskiya, na biyu yana ƙirga katunan da ke hannunta yanzu. Idan lambobin sun kusa haɗuwa, an gano bakin zaren.

Gyaran gajere ne. A buga `sudo systemctl edit mysql` (a wasu na'urorin sunan `mysqld` ne ko `mariadb`), a rubuta:

```
[Service]
LimitNOFILE=65535
```

Amfanin bi ta wannan hanya shi ne ana ajiye gyaran a ƙaramin fayil na daban. Wanda ya gyara ainihin fayil ɗin da ya zo da manhajar, ranar da aka sabunta ta za a shafe masa aiki bai sani ba. Bayan haka dole a sake tayar da rumbun da `sudo systemctl restart mysql`, don manhajar da ke gudana tana nan da tsohuwar iyakarta, gara kuma a yi hakan cikin dare lokacin da mutane suka ragu. Sannan a maimaita binciken ɗazu, a kuma tambayi MySQL abin da ta samu ta hanyar `SHOW VARIABLES LIKE 'open_files_limit';`.

Akwai wata iyakar ta na'ura baki ɗaya, `fs.file-max`, amma ita saƙonta daban ne: lamba 23, da ƙarin `in system` a ƙarshe. Wanda ya ga 24 ya bar ta kawai.

Saura tambayar da ta fi wuya: shin iyakar ce ta yi kaɗan, ko kuwa wani abu ne ke karɓar kati ba ya mayarwa? Ƙirgen nan na biyu ne zai raba gardama, idan aka riƙa yin sa lokaci-lokaci. Rumbu mai lafiya lambarsa tana hawa da rana, ta sauka da dare. Idan kuwa haɗi na ta ƙaruwa ko da ba kowa a shafin, sai a buga `SHOW PROCESSLIST`. Ganin ɗaruruwan layuka masu alamar `Sleep` na nuna wataƙila manhajar shafin tana buɗe haɗi ba ta rufewa, MySQL kuma bisa al'ada sai ta jira daƙiƙa 28800, wato awa takwas, kafin ta kori haɗin da ke zaman banza. A irin wannan hali ɗaga iyaka jinkirta faɗuwar kawai zai yi. Aikin na mai rubuta manhajar shafin ne: ya riƙa rufe haɗi bayan amfani, ko ya tanadi 'yan ƙalilan da za a riƙa karɓa-karɓa da su, mai kula da sabar kuma ya rage `wait_timeout` kafin gyaran ya iso.