Idan Mai Kawo Buhu Ya Saba Makara: Yadda Ake Faɗa Masa a Rubuce

A ɗauka akwai masana'antar casar shinkafa a Kano, irin waɗanda ke Sharaɗa ko Challawa, tana sayen buhunan kilo 50 daga wani kamfani. Ranar da buhu bai iso ba, inji tsayawa yake yi ko da shanshera na jibge a sito, lebura kuma sai an biya shi. Abin da aka saba shi ne manaja ya ɗaga waya ya ce, "Haba Alhaji, kayan nan fa sun sake makara," Alhaji ya ba da haƙuri ya ce gobe in Allah ya yarda, a rabu lafiya. Wata mai zuwa a maimaita. Kunya ce ke hana a wuce nan, kuma kunyar tana cin kuɗi.

Takardar da za a aika masa daga littafin sito take farawa. Duk motar da ta shigo, mai kula da sito ya rubuta ranar alkawari, ranar isowa, adadin da aka yi oda da adadin da aka sauke, direba ya sa hannu. A ce cikin wata uku an yi oda 12, kowace buhu 5,000. Bakwai sun iso a kan lokaci, biyar sun makara tsakanin kwana 3 da kwana 9. Ke nan cika alkawarinsa bai wuce kashi 58 cikin ɗari ba. "Kullum kana makara" magana ce da kowa zai iya musawa, amma biyar cikin 12, kowace da ranarta, ba ta musuwa.

Sai dai a nan gardama ta fi tashi: me ake kira makara? Mai buhu yana lissafi da ranar da mota ta bar wajensa, mai shinkafa kuwa da ranar da aka sauke. Motar da ta zo a kan lokaci da buhu 3,000 maimakon 5,000 fa? A ganina makara ce, domin inji bai san rabin alkawari ba. Ko ma dai wanne aka zaɓa, a rubuta shi a takardar.

Lalatattun buhuna sun fi bukatar natsuwa. Cikin 60,000 an ware 1,800, wato kashi 3 cikin ɗari. Wannan adadin shi kaɗai bai gaya wa kowa abin da zai gyara ba, sai an rarraba shi. Nawa ne ɗinkin gindinsu ya kwance da aka zuba shinkafa? Nawa ne saƙarsu ta yi sako-sako har ƙwaya ke zuba? Nawa ne tambarin ya dusashe? Idan aka tarar 1,500 duk matsalar ɗinki ce, kuma daga lodi biyu suka fito, to akwai alamar keken ɗinki ɗaya ne ko zare mara ƙarfi, abin da za a iya magancewa cikin mako guda. Shi ya sa ba a zubar da buhun da ya fashe. A ajiye samfur, a ɗauki hoto, a rubuta lodin da ya zo da shi.

Kafin takardar ta fita, manaja ya leƙa ofishin akanta. Wani lokaci makarar daga gida take: an jinkirta biyan kuɗin lodin baya, ko an canza tambari kwana biyu kafin ranar. Irin wannan a cire ta daga lissafi tun kafin Alhaji ya tuna maka da ita a gaban mutane.

Daga nan sai ma'aunin gyara, kuma ya zama abin da za a iya ƙirgawa. A wata uku masu zuwa, oda 11 cikin 12 su iso cikakku a ranarsu. Lalatattu kada su wuce 50 a kowane lodi na 5,000, kashi ɗaya ke nan. Idan ya ga mota za ta makara, ya sanar kwana biyu kafin ranar. Cikin mako biyu kuma ya kawo amsa a rubuce: me ya jawo, me zai yi, wa ya ɗora wa alhakin. Neman a ce buhu ko ɗaya kada ya lalace ɓata baki ne. Zai amsa da "to", ya san ba mai yiwuwa ba ne, ya ajiye takardar.

A faɗi kuma abin da zai biyo baya. Lalatattun da suka haura ma'auni za a mayar masa ko a cire kuɗinsu, idan wa'adi ya cika babu canji a ba wani kamfani rabin odar. Kada a rubuta wannan sharaɗin sai an riga an gwada buhun wani kamfanin an ga ingancinsa.

Takardar kuwa, ba a aika ta kamar sammaci. A gayyace shi a zauna, ya zo da nasa takardun rakiyar kaya a gwada da littafin sito, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, sannan a tsayar da ranar zama na gaba kafin a tashi.